Muryar Alhaji a Waya

Shekarata tara ina aiki a wata madaba'a a Sabon Gari, bayan kasuwa kaɗan. Katin biki muke bugawa, da kalanda, da takardun jarrabawar makarantun kuɗi. Mai wurin wani Alhaji ne mutumin Fagge, mai ƙarancin magana, wanda ba ya sakar wa mutum ragama a lokaci guda.

A shekarar farko umarni kawai nake bi. Idan ya ce a yanka takarda kaza, ita zan yanka, ko da ina ganin kuskure ne. Daga baya ya fara aikena in dubo abu in kawo masa labari, shi ya yanke hukunci. Sai kuma ya fara tambayata, "To, kai me ka gani?" Ranar da na soma jin wannan tambaya na koma gida ina jin kaina wani babba. Da tafiya ta yi nisa, na kan yanke shawara da kaina, in sanar da shi, idan bai hana ba in aiwatar.

Da ƙafafunsa suka fara ciwo ya daina fitowa, sai ya kira ni gida ya raba mini al'amuran.

Ya ce, "Takarda da tawada da karɓar aiki, yi yadda ka gani, ka gaya mini daga baya. Ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa, ka kawo mini shawara tukuna. Injuna kuwa, ko ƙusa ɗaya kada a cire sai na ce."

Kullum bayan la'asar sai in tura masa saƙon murya a waya, in zayyana abin da aka yi. Da farko amsarsa tana da tsawo, har da faɗa. A hankali ta gajarce, ta koma jimla ɗaya: "Madalla. Yi yadda ka gani, ka gaya mini daga baya." Idan na kira ba a ɗauka. Sau biyu na je gidan, aka aiko mini daga ciki cewa yana barci.

Ni kuwa na ji daɗin abin. Na tambaye shi batun ɗaukar wata mai tsara rubutu a kwamfuta, amsar nan ta zo, na ɗauke ta. Na ce a raina ai Alhaji ya ƙara mini matsayi ne. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe ya taɓa ƙara wa wani matsayi ba tare da ya zaunar da shi ya faɗa masa iyakarsa ba.

Muna da wani tsohon inji a ɗakin baya, wanda Alhaji ya fara sana'a da shi. Ya daɗe ba ya aiki, ga shi ya cinye wuri. Wani mai sayen ƙarafa ya nuna yana so, na tura wa Alhaji tambaya. Kafin magariba amsa ta iso, irin ta kullum.

Washegari da hantsi mai ƙarafa ya zo da motarsa da sarƙoƙi. Mai kula da injunanmu wani dattijo ne Ibo, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa, Baba muke ce masa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Manaja, in ji da kunnena tukuna."

Na kunna masa saƙon. Ya ce in sake. Sannan ya ce in kunna na shekaranjiya, da na kafin nan.

"Ba ka ji ba?"

"Me zan ji, Baba?"

"Cokali."

Na kara wayar a kunne. Bayan kalmar madalla, cokali ya bugi kofi sau biyu, can nesa kuma wani mai a-daidaita-sahu ya yi oda. Na koma saƙon makon jiya. Cokali sau biyu, sai oda. Na yi ta ja da baya har wata huɗu, duk haka, numfashin da yake ja kafin ya ce "daga baya" ma iri ɗaya ne. Bambancin kawai, a saƙonnin baya-bayan nan muryar ta yi nisa, kamar mai magana daga cikin rijiya, kuma a bayanta akwai wani numfashi na daban, mai nauyi, wanda babu shi a na farko.

Na sauke wayar daga kunnena, injin yanka yana ta ƙara. Wata huɗu ina ba wani rahoto kullum, ban san ko waye ba. Baba ya zana gicciye a ƙirjinsa. Na ba mai ƙarafa haƙuri, na tari a-daidaita-sahu zuwa Fagge.

Wannan karon na ce ba zan bar zauren ba sai na ga Alhaji. Babbar 'yarsa ce ta fito, malamar makaranta ce. Ta dube ni ta dubi wayar da ke hannuna, ta ce, "Shigo, Malam."

An saki labulen ɗakin, ƙamshin man zafi ya cika shi. Alhaji yana kishingiɗe a kujera, sanye da farar riga da hula, kamar mai shirin fita. Ɓarin fuskarsa ya zube. Na durƙusa na gaishe shi. Idanunsa suka tsaya a kaina, bakinsa bai motsa ba. Numfashinsa kawai nake ji, kuma na gane shi, shi ne na cikin wayar.

Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta tafi da maganarsa a cikin kwana uku. Abin da ya iya faɗa mata na ƙarshe shi ne kada ma'aikata su sani, kada aiki ya watse.

"Abin da ya ce na yi, ban ƙara ba ban rage ba," in ji ta. "Kullum ina zama a nan kusa da shi in kunna masa saƙonka. Idan ya lumshe ido, sai in kunna tsohuwar amsarsa a wayata, in ɗauka da tasa in tura maka."

"Jiya ma ya lumshe, Malama?"

Ta ce, "Jiya hannuna ya riƙe. Ban san ko e yake nufi ko a'a ba. Na rasa abin da zan tura maka in ba wannan ba."

Na matsa kusa na ce, "Alhaji, tsohon inji. A sayar?"

Bai lumshe ido ba, bai kuma riƙe kowa ba. Hannunsa mai lafiya ne ya tashi daga cinyarsa, ya ɗauki wani abu da ba ma gani daga gefe, ya ajiye a gabansa, ya koma ya ɗauko wani. Haka ake ba wa tsohon injin takarda, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta yi, idanunsa a kaina, har 'yar ta kama hannun ta mayar masa.

A zauren muka sake raba al'amuran ni da ita. Takarda da tawada da karɓar aiki suna hannuna kamar da, in gaya mata daga baya. Batun ma'aikata in kawo shawara, ita da ƙannenta su yanke. Mai kwamfutar da na ɗauka ba da izini na gaske ba, suka duba suka ce ta zauna. Inji kuwa aka bar shi inda yake. Na roƙe ta abu ɗaya, ta riƙa amsa mini da muryarta.

Da na koma madaba'a na tarar Baba ya share ɗakin baya, ya zuba wa injin mai, ya lulluɓe shi da tamfol. Ya tambaye ni ko Alhaji yana raye. Na ce yana raye. Ya gyaɗa kai ya koma bakin aikinsa. Alhaji ya ƙara wata bakwai a kujerar nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duk Juma'a ni da Baba muna zuwa mu zauna a gabansa, in faɗa masa aikin mako, yana kallonmu.