Ragona a Kasuwar Filinge

Matso kusa ka ji abin da har yau yake ci mini rai. Shekarar da Nasara suka daina karɓar wuri a haraji, sai tamma, wato sulen azurfa, na ba maigidana ragona ya kai kasuwa. Na ce, "Malam, ka sa suna tamma takwas. In tayi bai kai biyar ba, ka ce albarka, ka jawo igiyarka gida."

Yana isa ya shaida wa dillali gobe za a karɓi haraji! Nan tayi ya tsaya a uku. Ya juya zai tafi, ba wanda ya kira shi, don sun san zai dawo. Ya kuwa dawo ya sallama. Don Allah, wa ke gaya wa mai saye matsuwarsa?