Wa'azina Na Farko Ya Faɗo Kan Jana'iza

Ban yi wata biyu da fita makarantar horon masu wa'azi ba abokina ya rasu, ɗan cocinmu, ma'aikacin jinya ne a unguwar Talladje. Pastonmu yana Maraɗi, sai aka ce ni zan yi wa'azin jana'iza. Mahaifiyar mamacin musulma ce, ta taso tun daga Dogondutsi. Tsorona ɗaya ne: kada in faɗi abin da zai sa ta tashi daga jana'izar ɗanta.

Zama ya gagare ni. Na hau moto sai unguwar Bobiyel, gidan tsohon paston da ya yi mini baftisma. Na tarar yana ba zogalensa ruwa.

"Baba, wane irin wa'azi zan yi a jana'izar gobe?"

"Ka daina zagaya mini tsakar gida tukuna," in ji shi. "In ka ɗauki nassi guda kana bin sa aya bayan aya, nassin ne ke jan ka, abin da ya ce shi za ka buɗe. Ya fi tsare mai wa'azi, amma yana son mutane masu littafi a hannu. Su nawa za su zo da shi gobe?"

Rabin masu zuwa teloli ne da direbobin unguwa.

Ya ci gaba: "Wa'azin jigo kuwa, kai ke zaɓen batu, a ce mutuwa, ka tattaro ayoyi daga nan da can. Yana zuwa kai tsaye. Sai dai sabon mai wa'azi yakan sa ayoyin su faɗi ra'ayinsa, baƙo kuma ya ji kamar da shi ake."

"Saura labari," na ce.

"Shi wannan, labari ɗaya za ka ɗauko daga nassi, ka bi shi yadda ya faru, darasin ya fito a ƙarshe. Kowa na iya shiga. Amma ɗana, ba kai za ka zaɓa musu inda za su tsaya a ciki ba."

Haushi ya kama ni, na zo neman amsa an ba ni uku. Washegari, a ƙarƙashin rumfa, na ba da labarin matar nan da mijinta ya mutu, aka fito da gawar ɗanta tilo, Yesu ya gan ta, ya ji tausayinta, ya tsayar da masu makara, ya ta da yaron. Ni tashin matattu na nufa. Ina magana ina satar kallon tsohuwar. Ba ta motsa ba, har na fara jin daɗin kaina.

Da aka zo ɗaukar gawa ta yafito ni. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da haƙuri."

"Na ji labarinka," ta ce. "Ita an tsayar mata da makara. Ni nawa ga shi za a wuce da shi."

Kunya ta rufe ni. Na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini hannu.

"Zauna nan. Sake faɗa mini wurin da ya gan ta."