Hannun da Waya Ba Ta Gani Ba

Gwaggona tsohuwar mai buga takardu ce a ofis. Da ta yi ritaya, 'yan hayar benenmu suka maƙala mata sakatariya, ita kuwa ta riƙe abin kamar gadon ubanta. Duk surutun da aka kwashe a taro, abu huɗu take tacewa: su wa suka zo, me aka yanke, wa zai yi, kuma yaushe. Takan ce, "Shawarar da ba mai ita marainiya ce."

Ranar taron rufin bene ba ta nan, 'yarta ta haihu. Abin ya dame ta, don a hawan ƙarshe take, ruwan sama kuma kan gadonta yake ɗiga. Sai ta ba mijinta waya ya ɗauko mata muryoyin.

Washegari ta zauna saurare, ina gefe ina guga. Kai, jama'a! An yi faɗan igiyar shanya, an yi labarin ciwon gwiwar Tela, wani ma hamma ya saki a bakin wayar. Tana tsayarwa, tana mayarwa baya, tana tsaki. Mahalarta ta tsamo daga kiran suna, ta ware wanda ya aiko da uzuri. Can ƙarshe aka amince a gyara rufin. Shugaban 'yan haya ya ce, "Wa zai kawo kafinta?" Shiru. Sai kuma, "Madalla, mun gode!" Aka tafa.

"Wa aka gode wa?" in ji Gwaggo. "Hannu aka ɗaga! Wayar da murya kawai ta ɗauka tana da ido ne?"

Ta dubi mijinta. "Malam, wa ya ɗauki aikin?"

"Wallahi hankalina na kan wayar," ya ce, ya miƙo mata shayi, abin da ban taɓa gani ba.

Gwaggo ba ta rubuta suna da ka. Ta kira Shugaba, ya fashe da dariya: "Ai ga shi nan kusa da ke!"

Ashe Malam, bawan Allah, hannu ya ɗaga don ya ce cajin wayar ya kusa ƙarewa. Kafin ya buɗe baki an tafa masa, kunya ta hana shi janyewa. Na yi dariya har na kusa ƙona riga.

"Zuwa yaushe?" ta tambayi Shugaba.

"Kafin ruwa ya kankama."

"Wannan ba rana ba ce."

Ta sa Malam ya zaɓa da bakinsa, ya ce Asabar mai zuwa. Shugaba ya amince, ta rubuta, har da bayanin cewa bayan taro aka tsayar da ranar.

"Haba Hajiya, ki rufa min asiri," Malam ya marairaice.

Daɗi ya cika ta, ba ta ma ɓoye ba. "Malam, tun bara nake cewa ka kira kafinta, kana ce min gobe. Ni kaɗai ce, na haƙura. Yanzu sai ka je ka faɗa wa bene guda."

Ta danna, takardar ta tafi wayar kowa.