Hoton da Na Ce Ikko Ne

Shekarar da kuɗin mai suka fara ratsa ƙasar nan, ina koyarwa a firamare a Wudil, ina da sabon keke da agogon hannu, kaina kuwa ya fi hulata girma. Mutanen ƙauyenmu na wajen Indabo in sun shigo kasuwar Juma'a ni suke kawo wa wasiƙu in karanta. Malam sama, Malam ƙasa. Har na yarda babu abin da ya shige mini duhu.

Wata Juma'a wani dattijo, aminin mahaifina, ya same ni a shagon mai hoto kusa da tasha. Ɗansa ya bi 'yan kwangila neman aikin lebura, shekara guda babu labari. Ya zaro ambulan daga aljihu, ya ce wani direba ne ya ba shi, shi ma wani direban ne ya miƙa masa. Babu kan sarki, babu wasiƙa. Hoto ne kaɗai, baƙi da fari: wani gini mai hawa biyu da ba a gama ba, ruwa shimfiɗe a bayansa, da dogayen itatuwa can nesa. Ko yaron ba ya ciki.

Dattijon bai tambaye ni komai ba. Murna yake, ya ga alamar ɗansa na raye, yana so a taya shi. Ni ne bakina ya ƙi zama.

"Baba, ai wannan Ikko ce. Ga teku, ga itatuwan kwakwa."

Ban taɓa wuce Zariya ba a lokacin. Tekun da na sani na cikin littafi ne.

Mai hoton ya karɓa, ya juya bayan, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ya daɗe yana dubawa.

"Babu hatimin shago a baya, babu allo, babu lambar mota," in ji shi. "Abin da nake gani gini ne da ruwa. A hoto irin wannan, teku da tafki duk ɗaya suke fitowa. Itatuwan nan sun yi nisa, za su iya zama kwakwa, za su iya zama giginya. Ni dai ba zan rantse ba, Baba. A nemi direban a bi sawu, shi ya fi."

Na yi dariya, na ce wanda aikinsa ɗaukar hoton 'yan makaranta ne ina zai san teku. Mai hoton ya mayar wa dattijon hotonsa. Dattijon ya dubi agogona, ya dubi mai hoto, ya zaɓi maganar mai agogo. Ba a nemi direba ba.

Bayan kaka matar dattijon ta kwanta ciwo, ba ta da magana sai a kira mata ɗanta. Dattijon da ko Kano sai da dalili yake shiga, ya hau motar shanu ya nufi Ikko da hoton a aljihu. Na ji labarin tafiyar tun kafin ya tashi, kuma keke ne tsakanina da gidansa. Na san abin da ya kamata in je in faɗa. Na kasa, don kada a ce Malam bai sani ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana nuna wa Hausawan can hoton, daga wannan zango zuwa wancan. A kwana na shida matar ta rasu. Aka binne ta babu miji, babu ɗa.

Yaron ya riga uban isowa. Wasu masunta 'yan garinmu ne suka kai masa labari. Ashe yana wajen wani dam da ake aiki a kudancin Kano, tafiyar rabin yini. Ginin masaukin ma'aikata ne da ya ɗauki bulonsa a ka, shi ya sa ya aiko a gani. Itatuwan kuwa giginya ne, irin wadda na tashi ina cin muruci a gindinta.

Na je gaisuwa ranar da dattijon ya dawo. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa a bakin tabarma, kunya ta hana ni ɗaga ido. Wani ƙaninsa ya fara magana da zafi, yana cewa a bar biye wa yaran boko. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ka bar shi. Malam ya taɓa zuwa Ikko ya ga wurin da idonsa, kama ce ta yi yawa. Ko ba haka ba, Malam?"

Mutanen zauren suka juyo suna dubana. Na ce, "Haka ne, Baba."