Rawar da Ta Ƙi Goguwa

Rumfar cajin waya nake tsarewa a bakin kasuwar Illela, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Ban iya jawabi ba. Amma da shugabar makarantar da na gama ta aiko in zo asambuli, ko mayafi ban tsaya zaɓa ba, don na san dalili.

Wata ɗaliba ce 'yar Fulani daga wajen Araba ta yi rawa a ɗakin ƙawarta, mata zalla, kai ba ɗankwali. Ƙawar ta ɗauka da wayar yayarta ta sa a sitatus, ba da mugunta ba, wai don yarinyar ta iya rawa. Kafin la'asar ta goge. Ran Lahadi uban mai rawar ya kai bijimi kara, wani dillali daga ƙetaren iyaka ya nuna masa bidiyon yana dariya, bai san 'yarsa ba ce. Uban ya ce boko ya ƙare, ga jarrabawar fita ta matso.

Shugaba ta roƙe shi ya zo. Ya zo, ya tsaya can gindin darbejiya da sandarsa.

Ban yi dogon wa'azi ba. Na ɗauki hoton takalmina na sa a sitatus, na ce wa malamin lissafi ya buɗe ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura wa wata malama. Sannan na goge nawa a gabansu, na ce malama ta ɗaga tata. Takalmina yana nan, har da ɗinkin da aka yi masa. Yara suka fashe da dariya. Na ce su gama dariyar, naku kawai kuke gogewa, wanda ya shiga wayar wani ya zama nasa. A rumfata ina ganin bidiyon da masu shi suka goge tun bara, yana yawo a memori, daga nan har Kwanni ta Nijar. Na ce kafin ki sa abu, ki tambayi kanki ko za ki yarda a nuna wa babanki shi a kara. In kuma fuskar wata ce, ki tambaye ta tukuna.

Da aka watse, uban ya matso, idonsa a ƙasa.

"Ɗiyata, ke da kin san waya, ana iya shafe shi duka?"

"Baffa, ba zan yi maka ƙarya ba, ba a iyawa. Wanda ya shigo rumfata zan roƙi mai shi ya goge. Sauran ya fi ƙarfina."

"To mi ya rage?"

"Ba ita ta sa ba. Ko ka tsare ta a ruga, bidiyon ba zai koma gida ba. Karatun kawai za ta rasa."

Ya daɗe yana kallon yaran suna shiga aji. Ya tambayi shugaba yaushe jarrabawar, ta faɗa masa.

Ran Litinin na ga yarinyar ta wuce ta gaban rumfata a bayan babur ɗin yayanta, cikin farin hijabin makaranta. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kira ta ba.