Shukar Ya'u Mai Gwangwani

A Darki kowa ya san Ya'u Mai Gwangwani. Shekararsa arba'in da huɗu, 'ya'ya shida, gona biyu, da gwangwanin madara ɗaya da ya kafa a kan katanga yana auna ruwan sama da shi. Dokarsa guda ce tun yana saurayi: ba ya shuka sai ya tona ƙasa ya ga laima ta kai tsawon tafin hannunsa. Irin geronsa kuwa shekara bakwai ya yi yana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, har ya tara kwano biyu. Ko kaza ya gani kusa da tukunyar irin sai ya tashi tsaye.

Bara, a tsakiyar watan Mayu, aka yi ruwa da hantsi. Ya'u ya leƙa gwangwani, ko gaɓar yatsa bai cika ba. Ya tona bayan gida, laima yatsa uku, ƙasanta busasshe ƙarau. Ya ce wa matarsa Barakatu, "Wannan na kwantar da ƙura ne. Wanda ya shuka, iri zai tsiro, rana ta ƙone shi."

Washegari da safe yana zaune a ƙofar gida sai ga Baba Haladu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a noma, ya wuce da sungumi a kafaɗa. Ya'u ya yi murmushi, ya ce ɗaya. Can mutum uku suka bi. Kafin ya shanye kokonsa ya ƙirga tara. A na sha huɗu murmushin ya tafi. Ya koma ya sake tona ramin, ko ƙasar ta canza magana. Yatsa ukun dai. Amma ai ramin bayan gida ne, in ji zuciyarsa, wa ya san abin da suka gani a gonakinsu?

"Malam, matan unguwa na tambaya ko ba ka da lafiya," in ji Barakatu.

"Me kika ce musu?"

"Na ce gwangwani bai ba ka izini ba tukuna."

Ya'u ya auna abin. In ya shuka tare da jama'a aka yi asara, a ce ƙaddara. In ya zauna shi kaɗai, ruwa kuma ya ɗore, sai jikokinsa sun ji labari. A na sha bakwai ya ɗauki sungumi, ya kuma ƙulla dabara: zai yi sara kawai, ya rufe ramukan ba iri, idon mutane ya huta. Ya ɗauki jakar irin ma, don kada a gane.

Bai gama layi biyu ba sai ga Isyaku, taubashinsa, da mutum biyar a bayansa.

"Kai, bawana! Mu da muka ce ba za mu fito ba sai mun ga ƙeyarka. Tunda Mai Gwangwani ya fito, magana ta ƙare. Kawo jakar in zuba maka, ka yi ta sara."

Ya'u ya buɗe baki. Idanu goma sha biyu na kallonsa. Ya miƙa jakar.

Kwana huɗu gero ya tsiro, kore shar. Kwana goma sha shida sama ba ta ce komai ba. Gonakin Darki suka koma kamar an share.

Ya'u bai iya zama da abu bai ƙirga ba. Ya bi mutum ashirin da biyun da suka fita bayan Baba Haladu ɗaya bayan ɗaya, kowa a keɓe. Sha tara suka ce wallahi tun farko ruwan bai kwanta musu ba, sun dai ga kowa ya fita. Na biyu ya bi Baba Haladu, na biyar ya bi huɗun farko, shida na ƙarshe suka bi Ya'u. Waɗanda suka tona ƙasa su uku ne, har da shi, kuma duka ukun sun ga yatsa uku.

Ya ƙare da gidan Baba Haladu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, me ka gani ran nan?"

"Ni? Tsohon iri ne ƙwari suka fara ci, na ce gara ƙasa ta ci. Na waiwaya na ga gari a bayana, har da kai, na ce to, ko yaran nan sun ji wani abu a rediyo? Saura kaɗan in koma in ɗauko mai kyan. Gwiwa ce ta hana ni."

Tsohon ya shiga ɗaki ya fito da ƙwarya. Rabin kwano ne na irin Ya'u, wanda ya ba shi kyauta bayan girbi, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Ya raba biyu, ya tura masa kashi ɗaya.

Ranar tara ga Yuni laima ta wuce tafin hannu. Ya'u ya shuka rubu'in kwanonsa, ƙwaya biyar-biyar a rami, ya hana Isyaku ko taɓa jakar. Bana yana da rabin kwano. In an yi ruwan fari yanzu, Barakatu takan juya masa kujera ta fuskanci katangar gwangwani, ya ba hanya baya, kafin ta kawo koko.