Ummukulthum da Rol-Rol ɗin Baba Ɗantala

Ummukulthum 'yar unguwar Hashimi da keken rubutu ta fara, a wani kamfanin rarraba siminti da rodi mai babban defo a Suleja da ƙanana a Tafa da Minna. Baba Ɗantala, shugaban sito, aminin mahaifinta marigayi, shi ya kai ta ya tsaya mata. Da aka kawo kwamfuta sai aka tura ta Kaduna kwas, ta dawo ita ce mai buɗe wa kowa hanyar shiga.

Tsarin ba wuya. Ba a ba mutum izini kai tsaye, sai a haɗa izinin da aiki ke buƙata a ƙunshi ɗaya, wanda suke kira rol, a liƙa wa mai aikin. Amma mutanenmu! Wannan ya tare ta a baranda, "Ummu, ƙara mini ganin kayan Tafa." Wancan zai riƙe wa mai hutu aiki. Ita kuwa ba ta iya ce wa babba a'a, kuma in ta taɓa rol ɗin sito duk 'yan sito za su samu. Sai ta kwafe shi, ta ƙara abu ɗaya, ta sa masa sunan mai roƙon. Mai hutu ya dawo, ba wanda ya ce a karɓe. A shekarar 1999 ma'aikata ba su kai ɗari biyu ba, rol ya haura ɗari uku.

Shekarar ce aka zo sauya manhaja saboda fargabar kwamfutoci za su rikice in shekara ta dubu biyu ta kama, aka turo mai bincike daga hedikwata a Legas, Mista Akinola. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kalle ta.

"Madam, wa ake ɓoyewa a cikin wannan daji?"

"Ba kowa, Oga."

"To rage shi kafin mu kwashe zuwa sabuwar manhaja. In ba ki iya faɗa mini wa ke iya yin me ba, zan kawo mai iyawa."

Ita da ke riƙe da uwa da ƙanne biyu! Manyan da suka yi ta roƙon alfarma kuwa ko ɗaya bai tsaya mata ba.

Ta fara da rol-rol ɗin da ba kowa a kansu, ta kashe. Sauran ta jera izininsu gefe da gefe, sai ga goma sha wani abu duk aikin sito ne, bambancin sunan defo kawai. Ta haɗe su ɗaya, ta mayar da defo kan sunan shigar kowane ma'aikaci. Ta bi shugabannin sassa tana tambayar abin da aikin ke buƙata, ba abin da mutum ya saba da shi ba. Riƙon ƙwarya kuma ta ce daga yau da ranar ƙarewa.

Nan fa aka fara kallonta a kaikaice. In ta shiga wurin mai abinci hira ta mutu. Philomena ta ofishin oda ta ce da ƙarfi, "Ku yi shiru, kunnen Legas ya iso."

A kan Baba Ɗantala ta tsaya cak. Rol-rol ɗin da ya tara, nasa da na riƙon da ya yi wa mutane, in an haɗa su yana iya rubuta takardar fitar da kaya ya kuma amince da ita da kansa. Ita ta ba shi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa duba su a haɗe ba. Tsohuwar na'urar kuma ba ta ajiye tarihin wa ya yi me sai na 'yan makonni.

Ta same shi a bakin sito ana lodin tirela, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, amincewa za ta koma wurin manaja. Mai rubutawa ba zai amince ba, kowa da kowa ne."

"Kowa da kowa, amma ni kika zo wa." Bai ɗago ba. "Bar mini nawa yadda yake, 'yata. Ɗaya tak. Manaja ba ya zama, direbobi su kwana a nan?"

Maganarsa gaskiya ce, manaja ba ya zama. Amma me ya sa bai tambayi ina ruwansa da izinin amincewa ba? Ashe ya san yana da shi.

"In manaja ba ya nan, mataimakinsa zai riƙe, Baba."

"Bayerabe ya ce ni ɓarawo ne, ke kuma kin kawo saƙo."

"Ba wanda ya ce."

"Tashi, kar siminti ya ɓata miki zane."

Ta cire masa izinin amincewar. Aka gwada sabon tsarin a Tafa, ya yi, aka kwashe rol ashirin da 'yan kai zuwa sabuwar manhaja. Akinola ya sa hannu ta ci gaba da aikinta, ko sannu bai ce ba.

Baba Ɗantala ya yi ritaya bayan Babbar Sallah, ba a taɓa kama shi da komai ba. Ya daina zuwa gaishe da mahaifiyarta. Tsohuwar takan tambaye ta me ta yi wa bawan Allah, Ummukulthum ta ce aiki ne. Ko ya taɓa amfani da izinin nan, ita ma har yau ba ta sani ba.